Kauri Ke Cin Lokaci: Lissafin Girki Idan An Ƙara Ko An Rage Awo

Idan tsarin girki ya ce na mutum huɗu ne, aka kuma tashi yin na mutum takwas, kayan haɗin ba sa ba da wahala, domin kusan komai ninkawa ake yi. Lokacin da abincin zai ɗauka a wuta shi ne ba ya bin wannan lissafi. Wani girkin ana ninka shi ya nuna a daidai lokacin da ya saba, wani ya ƙara rabin lokacinsa, wani kuma sai ya ci ninki biyu cif. Bambancin yana cikin hanyar da zafi ke bi ya shiga abinci, kuma wanda ya gane hanyar zai iya ƙiyasta lokacin girkin da bai taɓa yi ba.

Zafi daga waje yake shiga. Ko a ruwa ne, ko a mai, ko a kan garwashi, bayan abincin ne ke fara ɗaukar zafi, sannan ya miƙa shi ciki a hankali har ya kai tsakiya. Abinci ya nuna ne sa'ad da tsakiyarsa ta nuna, saboda haka abin da ke yanke lokaci shi ne nisan da ke tsakanin bayansa da tsakiyarsa, wato kauri. Masanin lissafi Bafaranshe Joseph Fourier ya tsara dokar tafiyar zafi cikin abubuwa a littafin da ya fitar a 1822, kuma abin da ke fitowa daga cikinta mai amfani a madafa ɗaya ne: idan kauri ya ninka sau biyu, lokacin da zafi zai kai tsakiya kan ninka kusan sau huɗu, idan kuwa kaurin ya ninka sau uku, lokacin kan kai kusan sau tara. Yankan doya mai kaurin yatsa huɗu ba ninki biyu na lokacin mai kaurin yatsa biyu yake buƙata ba, ya fi haka nesa.

Mahauta sun san wannan da hannu tun kafin a rubuta shi. Mai tsire yana fefe nama siriri ne don ya gasu cikin mintuna, kuma tsinke goma da tsinke hamsin lokaci ɗaya suke ci muddin akwai wuri a bakin wuta. Mai balangu da ke aza manyan tsoka yana jan su gefe, inda wuta ba ta da ƙarfi, ya bar su su daɗe. Naman ɗaya ne, yankan ne ya raba lokacinsu.

Abin da ke faruwa a tukunya

Girkin tukunya yana da zango biyu da ya kamata a raba su a lissafi. Na farko shi ne daga ɗora tukunya zuwa tafasa, na biyu daga tafasa zuwa nuna. Zangon farko yana bin yawan abin da ke ciki, domin lita huɗu na ruwa na buƙatar zafi ninki biyu na lita biyu, kuma a kan murhu ɗaya hakan na nufin kusan ninki biyu na lokaci. Zango na biyu bai damu da yawa ba. Ƙwayar shinkafa ba ta ƙara girma don an zuba mudu a maimakon gwangwani biyu, haka wake, haka taliya. Shi ya sa ya kamata a fara ƙidayar mintunan da tsarin girki ya faɗa daga lokacin da tukunya ta sake tafasa bayan an zuba kaya. Mai ƙidaya daga ɗora tukunya za ta sauke babban girki da gari a tsakiyar ƙwayarsa, ta kuma caɓe ƙarami.

Alale misali ne mai kyau. Gwangwani goma da gwangwani talatin lokacin turarawarsu ɗaya ne, in dai girman gwangwanin bai canja ba kuma an bar wa tururi hanya a tsakaninsu. Amma idan aka juye ƙullun gwangwani uku cikin kwano guda mai zurfi, an canja kauri ke nan, gefe zai daskare tsakiya tana ruwa.

Ruwan shinkafa shi ne inda ninkawa ta fi ɓata girki. Ruwan da ake zubawa kashi biyu ne: wanda shinkafar za ta sha, da wanda zai tafi a tururi. Na farkon yana bin yawan shinkafa. Na biyun yana bin faɗin bakin tukunya da ƙarfin wuta da irin murfin da aka sa, ba ruwansa da yawan abin da ke ciki. A ɗauka farar shinkafa ce da aka saba dafa gwangwani biyu da ruwa gwangwani uku. Kusan gwangwani biyu shinkafar ke sha, ɗayan kuwa tururi ke tafiya da shi. Idan aka koma gwangwani takwas, lissafin ninkawa zai ce ruwa goma sha biyu, alhali abin da ake buƙata ya fi kusa da goma: takwas na sha, kamar biyu na tururi tun da tukunyar ta fi faɗi. Ragowar biyun su ne ke mayar da dafa-dukan biki kamar tuwo a ƙasan tukunya. A ƙaramin girki kuskuren yana juyawa. Wadda ta raba komai biyu ta dafa gwangwani ɗaya da ruwa ɗaya da rabi a tsohuwar tukunyarta mai faɗi za ta tarar ruwa ya ƙafe shinkafa ba ta yi laushi ba. Shinkafar da aka turara kafin a sheƙe ta ta fi shan ruwa, don haka adadin zai bambanta, amma rabon kashi biyun yana nan. Dabarar da ta fi aminci ita ce a fara da ruwa kaɗan a ajiye tafasasshe a gefe, domin ƙarawa na yiwuwa, ragewa kuwa ba ta yiwuwa.

Akwai girki ɗaya da lokacinsa ke ninkawa da gaske, shi ne wanda ake jira ruwansa ya tsotse. Markaɗen tumatir da tattasai ba ya soyuwa sai ruwansa ya fita, kuma ruwan ta saman tukunya kawai yake fita. Idan aka ninka markaɗe a cikin tukunyar da aka saba, bakin fitar bai ƙaru ba, ruwan fitarwa kuwa ya ninka, sai minti ashirin ya koma arba'in. Ƙara wuta don a cim ma lokaci yana kama ƙasan tukunya ne kawai, miya ta ɗauki ƙauri. Maganin shi ne tukunya mai faɗi, yadda zurfin markaɗen zai zauna kamar yadda yake a ƙaramin girki, ko a raba shi tukwane biyu.

Suya a mai gajeriyar magana ce. Ƙosai da cincin ba sa canja kauri, saboda haka kowane zubi lokacinsa ɗaya, yawan zubin ne ke ƙaruwa. Cika kasko yana sauke zafin mai, abin suyar ya sha mai kafin ya yi ja.

Kek ma zurfi yake bi. Kwano mai kewaye da faɗinsa ya kai santimita 28 yana ɗaukar kusan ninki biyu na ƙullun mai santimita 20 a zurfi ɗaya, kuma lokacin gashinsu bai da nisa da juna, sai 'yan mintuna da babban zai ƙara. Idan dole ne ƙullun ya fi zurfi, sai a sauke zafin da digiri 10 zuwa 15 a ƙara lokaci, in ba haka ba sama ya ƙone ya tsage tsakiya tana danƙo. Tsinken da aka soka a tsakiya ya fito a bushe shi ne shaidar ya yi.

Gashin nama da awon kilo

A gashin babbar tsoka cikin obin, wato tanderun zamani na gas ko na lantarki, littattafan girki suna ba da ƙa'ida mai sassa biyu: mintuna kaza ga kowane awo, sannan a ƙara wasu mintuna a kai. Ƙa'idar da ta shahara a littattafan Birtaniya ga cinyar rago a zafin digiri 180 na ma'aunin Salshiyas ita ce minti 25 ga kowane rabin kilo da ƙarin 25, ga mai son tsakiyar naman da ɗan ja-ja, ko minti 30 ga kowane rabin kilo da ƙarin 30 ga mai son ya gasu sarai. A asali da laba ake lissafin, kimanin giram 450, amma rabin kilo ya isa a matsayin ƙiyasi. Tun da yawancin gidajen Hausawa ba sa son ganin ja a nama, ƙa'ida ta biyu ce ta fi dacewa da su. Kaza guda kuma a digiri 190 tana cin kamar minti 45 ga kowane kilo da ƙarin 20.

Wancan ƙarin da ake ɗorawa a ƙarshe yana da dalili. Nama mai siffa ɗaya idan nauyinsa ya ninka, kaurinsa ba ya ninkawa, domin nauyin ya rarrabu ne a tsawo da faɗi da kauri. Sai nauyi ya ninka sau takwas kafin kauri ya ninka sau biyu. Idan aka haɗa wannan da dokar tafiyar zafi, sakamakon shi ne ninka nauyi sau biyu yana ƙara lokaci da kusan kashi 60 cikin ɗari, raba shi biyu kuma yana barin kusan kashi 63 cikin ɗari na lokacin. Ƙa'idar littafi tana kwaikwayon wannan ne da lissafi mai sauƙi. Cinya mai kilo ɗaya tana ba da minti 90, mai kilo biyu minti 150, kuma 150 bai kai ninki biyu na 90 ba, ya tsaya kusa da abin da dokar ta nuna.

Amma kwaikwayon yana da iyaka. Tsakanin kilo ɗaya da biyu da rabi yana aiki da kyau. Daga nan sama sai ya fara wuce gona da iri. Ga cinya mai kilo huɗu ƙa'idar za ta ce minti 270, alhali ƙara kashi 60 a kan 150 na mai kilo biyu yana ba da 240. Rabin sa'a a obin ya isa ya busar da nama mai kyau. Saboda haka duk lokacin da tsoka ta yi girma, a ɗauki adadin ƙa'idar a matsayin iyakar sama, a fara dubawa tun da saura.

Kuskuren da ya fi wannan tsada shi ne haɗa nauyin tsokoki daban-daban. Cinya biyu masu kilo biyu kowacce ba nama mai kilo huɗu ba ne a lissafin lokaci. Zafi yana shiga kowacce ta dukkan ɓangarorinta, saboda haka lokacinsu na cinya ɗaya ne, da ƙarin kamar minti goma zuwa ashirin domin obin ya ɗauki kayan sanyi ninki biyu. Sharaɗin shi ne kada su taɓa juna, a bar tazarar da iska mai zafi za ta ratsa. Idan aka matse su a tire guda, wurin da suka haɗu ya zama tsakiyar wata babbar tsoka. Kaji uku ma haka ne, da nauyin babbar cikinsu ake lissafi. Doguwar tsoka siririya irin ta gadon baya kuwa, ko an ninka tsawonta lokacinta kusan bai motsa ba, ƙa'idar kilo ba ta dace da ita ba sam.

A Yamai da wasu garuruwan Nijar, ranar Babbar Sallah ana buɗe rago gaba ɗaya a shimfiɗe shi a kan sanduna, a jera a kewayen wuta na tsawon sa'o'i. Buɗewar ita ce lissafin. Ragon da aka shimfiɗe ba shi da wurin da ya fi cinya da kafaɗa kauri, don haka lokacin gashinsa na waɗannan gaɓoɓin ne, ba na dukkan nauyinsa ba. Kazar da aka tsaga ta baya aka danne ta kwanta ita ma da wannan dalilin take riga wadda aka bari a dunƙule gasuwa.

Cinya mai kilo biyu, daga firij zuwa faranti

A ɗauka cinyar ɗan rago ce mai ƙashi, an auna ta bayan an gyara ta ta ba da kilo biyu, ana kuma son a ci da ƙarfe biyu na rana. Rabin kilo huɗu ke cikinta, huɗu sau 30 ya ba da 120, da ƙarin 30 ya zama minti 150, wato sa'a biyu da rabi. Bayan fitarwa tana buƙatar hutun minti ashirin. Idan aka ƙidaya baya aka bar ɗan sarari, ƙarfe goma sha ɗaya ya kamata ta shiga obin.

Ana fitar da ita daga firij wajen ƙarfe goma da rabi, a tsane ta, a shafe ta da gishiri da mai da kayan ƙamshi irin su citta da tafarnuwa da masoro. A wannan rabin sa'ar ake kunna obin, domin ƙa'idar ta ɗauka cewa nama ya shiga ne obin yana kan digiri 180 tun farko. A obin gas mai lambobi irin na Birtaniya wannan shi ne lamba 4, a littafin Amurka kuma za a ga 350 a ma'aunin Faranhait. Obin mai fanka a ciki ya fi saurin gashi, ana sauke shi zuwa 160. Naman da ya fito daga firiza dole ya narke har tsakiya tukuna, a cikin firij, abin da kan ɗauki kwana ɗaya ko fiye ga cinya irin wannan. Wanda aka sa da ƙanƙararsa yana iya cin ƙarin rabin lokacin, kuma bayansa ya bushe kafin cikinsa ya yi ɗumi.

Wajen ƙarfe goma sha biyu da rabi ana dubawa sau ɗaya a ɗebo romon tire a zuba a kai. Idan bayan ya riga ya yi duhu sosai, sai a lulluɓe shi da takardar foyil sako-sako. Yawan buɗe ƙofa yana zubar da zafi ya tsawaita gashin, saboda haka leƙen da ba shi da dalili asara ne.

Dubawa ta gaske tana farawa da ƙarfe ɗaya da minti goma, saura minti ashirin a lissafi. Daga nan agogo ya gama aikinsa, ma'aunin zafi mai tsinke ne ke yanke hukunci. Ana soka shi a wuri mafi kauri har tsakiya ba tare da ya taɓa ƙashi ba, a gwada wuri biyu, a ɗauki mafi ƙanƙantar adadin. Ma'aikatar noma ta Amurka ta sa digiri 63 da hutun minti uku a matsayin mafi ƙarancin zafin da ke da aminci ga tsokar rago ko ta sa, 71 ga niƙaƙƙen nama, 74 ga kaza da sauran tsuntsaye. A 63 cinyar na da ja-ja. Mai son ta gasu sarai yana neman 71 zuwa 75, amma zai fitar da ita tun tana 67 ko 68, domin zafin da ya taru a bayanta yana ci gaba da shiga ciki bayan ta bar obin, ya ƙara wa tsakiya wasu digiri. Girman tsoka yana ƙara wannan hawan. Kaza ba a yi mata wannan rangwamen, sai ma'auni ya nuna 74 a cikin cinyarta.

Inda babu ma'auni, ana soka siririyar wuƙa har tsakiya, a bar ta daƙiƙa goma, a zare a taɓa ta a bayan hannu da sauri. Idan ɗumi kawai ta yi, da saura. Idan ta yi zafin da ba a iya jurewa, romon da ya biyo ta kuma ya fito garai ba ja, naman ya gasu. Wannan gwajin bai kai ma'auni ba, musamman ga kaza, inda launin romo kan yaudari mai dubawa, kuma ga mai yawan gashi sayen ma'aunin ya fi asarar cinya guda sauƙi.

Hutun minti ashirin ɗin ana yin sa ne a kan katako ko faranti, da foyil a sama ba a matse ba. A cikinsa zafin waje da na ciki ke daidaita, naman kuma ya fi riƙe romonsa idan wuƙa ta shiga.

Inda ƙa'idar kilo ba ta aiki

Duk lissafin da ya gabata na nama mai taushi ne. Littattafan da suka kawo ƙa'idar suna magana ne kan ɗan rago da bai cika shekara ba, ragon layya kuwa sau da yawa babba ne da ya yi kiwo ya yi tafiya, tsokarsa cike da jijiya. Irin wannan naman yana iya kaiwa digiri 72 a daidai lokacin da lissafi ya faɗa, ya gasu babu ja, amma ya ƙi taunuwa. Jijiya ba ta narkewa da isowar zafi kawai, sai ta daɗe a cikinsa. Kafaɗa da wuya da ƙwauri ma haka suke ko a ƙaramar dabba.

A nan ana sauya hanya gaba ɗaya. Ana sauke obin zuwa digiri 150 ko 160, a zuba ruwa ko romo kamar kofi biyu a tire tare da albasa, a rufe da foyil ruf, a bar shi sa'a uku da rabi zuwa huɗu ga tsoka mai kilo biyu. Tsakiyarsa za ta haura zuwa wajen digiri 90, kuma alamar ya yi ita ce cokali mai yatsu ya shiga ya juya ba turjiya, nama ya fara sakin ƙashi. A minti ashirin na ƙarshe ana cire foyil a ɗaga wuta don bayan ya yi ja. Nauyi ba ya tasiri sosai a wannan gashin, domin yawancin lokacin na narkar da jijiya ne: kafaɗa mai kilo ɗaya da rabi da mai kilo biyu da rabi bambancinsu bai cika wuce sa'a ɗaya ba, kuma raba tsokar biyu ba ya raba lokacin biyu.

Ranar yanka ma tana shiga lissafi. Bayan 'yan sa'o'i da yanka, tsoka tana sanƙarewa, kuma naman da aka gasa a wannan halin yana tauri komai daidaiton lokaci da zafi. Kwana ɗaya ko biyu a firij yana sakin ta. Cinyar da za a gasa da ƙa'idar kilo gara a bar ta zuwa washegarin Sallah ko jibi, a yi hidimar ranar farko da hanta da ƙoda, waɗanda yankansu siriri ne kuma mintuna kaɗan ke isar su.